Daga hagu zuwa dama: yadda ake tabbatar da aidantiti ba tare da an taɓa ɗaya ɓangaren ba

*Assalamu alaikum Malam. Ga hoton tambayar da aka ba mu a gwajin lissafi, daga allo na ɗauka. An ce mu nuna cewa (tan θ + sec θ − 1)/(tan θ − sec θ + 1) = (1 + sin θ)/cos θ. Alamar da ke gaban sec θ a ƙasa ba ta fito sosai a hoton ba, na ɗauke ta a matsayin debewa. Na mayar da komai sin da cos, na ninka a gicciye, ɓangarorin biyu suka fito iri ɗaya. Amma malaminmu ya ja layi a kan aikin, ya rubuta cewa daga ɓangare ɗaya ake farawa. Ina kuskurena, kuma yaya ake yi?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinka bai ɓaci ba, kuma za ka ga nan gaba cewa hujjar tana kwance a cikin abin da ka riga ka rubuta. Malaminku kuma yana da gaskiya. Amma bari mu fara da alamar nan da ta dushe, domin babu amfanin ɓata takarda a kan abin da ba mu tabbatar mun karanta daidai ba.

Hoton allo yakan cinye ƙananan abubuwa. Hasken taga ya faɗo a kan alli sai alamar tarawa ta koma kamar ta debewa, ƙaramin 2 da ke saman sin² θ ya sauko ya zama kamar sin 2θ, ko layin raba ya gajarta har mutum ya kasa gane inda sama ta tsaya. Maganin wannan gwaji ne da lambobi, kuma ba ya cin minti biyu. Ni na fi son alwatika mai kusurwar digiri 90 wadda gefunanta suke 3, 4 da 5, saboda ba ta buƙatar kalkuleta. Ɗauki kusurwar da ke kallon gefen 3. A nan sin θ = 3/5, cos θ = 4/5, tan θ = 3/4, sec θ kuma 5/4. Ɓangaren dama ya zama 8/5 a raba da 4/5, wato 2. Saman ɓangaren hagu 3/4 + 5/4 − 1 ne, ya ba da 1. Idan alamar da ke ƙasa debewa ce, ƙasan ya zama 3/4 − 5/4 + 1, wato rabi, kuma 1 a raba da rabi 2 ne. Sun haɗu. Da tarawa ce, ƙasan zai zama 3, amsar ta koma 1/3, wadda ba ta yi kusa da 2 ba. Saboda haka ka karanta daidai, debewa ce.

Wannan gwaji bai tabbatar da komai ba, ka riƙe wannan. Ya dai nuna mana cewa a kusurwa guda ɗaya maganar ta yi daidai, kuma ya kore karatun da ba shi ba ne. Aidantiti magana ce da ake so ta tabbata a kowace kusurwa da ɓangarorin biyu ke da ma'ana, kuma kusurwoyi ba su ƙidayuwa. Misali ɗaya yana iya rushe ta, amma misali dubu ba ya tsayar da ita. Idan da kalkuleta za ka gwada, akwai tarko biyu. Yawancin kalkuletocin makaranta ba su da maɓallin sec, sai ka danna 1 ÷ cos. Kada ka taɓa maɓallin cos⁻¹, shi wani aiki ne daban, kusurwa yake fitarwa. Sannan ka duba ko tana kan digiri: idan ka danna sin 30 ta ba ka 0.5, lafiya lau, idan ta ba ka −0.988 to tana kan radiyan. A digiri 30 ɓangarorin biyu za su ba ka 1.7321, a digiri 120 kuma −3.7321. Yana da kyau mutum ya gwada kusurwa ɗaya da ta wuce digiri 90, saboda a can ne alamomi ke juyawa, a can ne kuma maganganun da ba gaskiya ba suka fi tona kansu.

To, me ya sa aka ja layi a kan aikinka?

Dubi layinka na farko. Ka rubuta ɓangaren hagu, ka sa alamar daidai, ka rubuta ɓangaren dama. Wannan alamar ita ce abin da aka ce ka tabbatar. Ka rubuta ta tun kafin ka yi komai, sannan ka ninka ɓangarorin biyu da abu ɗaya, wanda ba a yin sa sai ga abubuwa biyu da aka riga aka san daidai suke. Abin da aikinka ya nuna shi ne: in maganar gaskiya ce, to layin ƙarshe gaskiya ne. Abin da ake nema kuwa akasin haka ne, a taso daga abin da kowa ya yarda da shi a iso ga maganar. Kamar mai ƙara ne ya kawo kansa shaida a kan da'awarsa.

Za ka iya cewa, ai tunda na ƙare a kan gaskiya, dole farkon ma gaskiya ne. Ba dole ba ne, kuma ga misali daga cikin darasin nan naku. A ce wani ya kawo maka wannan ya ce aidantiti ce:

```
sin θ = √(1 − cos² θ)
```

Bi ta da irin hanyarka. Ninka kowane ɓangare da kansa, ka samu sin² θ = 1 − cos² θ. Ɓangaren dama kuwa, 1 − cos² θ, daidai yake da sin² θ. Ka ƙare da sin² θ = sin² θ, ɓangarori biyu iri ɗaya, kamar yadda naka suka fito. Sai dai maganar ƙarya ce. Sa θ ta zama digiri 210: sin 210° = −0.5, alhali alamar √ ba ta fitar da lamba mai debewa, dama zai ba ka 0.5. A dukan kusurwoyin da ke tsakanin digiri 180 da 360 maganar ba ta tsaya ba, rabin da'ira ke nan. Inda ɓarnar ta shiga shi ne lokacin da aka ninka kowane ɓangare da kansa, domin −0.5 da 0.5 duk 0.25 suke bayarwa. Matakin yana tafiya gaba, amma ba ya dawowa baya. Haka ma ninkawa da abin da zai iya zama sifili: 3 da 7 ba daidai suke ba, amma ka ninka kowanne da sifili sai ka ga 0 = 0.

Ka ga ke nan hanyar da ka bi tana iya wanke ƙarya ta fito da ita fes. Mai duba takarda ba zai iya karɓar hanyar da ke tabbatar da gaskiya da ƙarya baki ɗaya ba, ko da a wannan karon gaskiya ta tabbatar.

Aiki daga ɓangare ɗaya ya kauce wa wannan ramin gaba ɗaya. Kana ɗaukar ɓangare guda, ka manta da cewa akwai alamar daidai a tsakaninsa da ɗayan. Duk abin da za ka yi masa sai ya kasance canjin kama ne kawai, darajarsa ba ta motsa ba. Abubuwa uku ne aka yarje maka: ka musanya wani yanki da abin da aka riga aka san daidai yake da shi, ka sake tsara lissafin ta hanyar buɗe baka ko fitar da abin da aka yi tarayya a kai, ko ka ninka sama da ƙasa da abu ɗaya wanda ba sifili ba, tunda wannan ninkawa da 1 ne. Kowace alamar daidai da ka rubuta a hanya gaskiya ce da za ka iya karewa ita kaɗai. In sarƙar ta kai ka ga ɗaya ɓangaren, an gama, babu zato a ko'ina.

Yanzu ga tambayarka. Daga hagu za mu fara, domin shi ne mai kaya da yawa, kuma rage kaya ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro su. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, kalli inda za ka. An hana ka yi wa ɓangaren dama aiki a cikin hujjar, ba a hana ka kallonsa ba. Idan ka raba (1 + sin θ)/cos θ gida biyu a zuciyarka, za ka ga 1/cos θ da sin θ/cos θ, wato sec θ + tan θ. Sai ka waiwayi saman ɓangaren hagu: tan θ + sec θ na zaune a wurin, ga kuma −1 a gefensa. Wannan ya gaya maka abin da za ka nema. Idan har hagu zai koma sec θ + tan θ, to dole saman ya kasance sec θ + tan θ ne aka ninka da ƙasan. Aikinka shi ne ka fito da wannan a fili.

Abin da ya tsaya a hanya shi ne 1 ɗin nan, kuma shi ne mabuɗin. Ka san sin² θ + cos² θ = 1. Raba ko'ina da cos² θ, ka samu tan² θ + 1 = sec² θ, wanda ke nufin sec² θ − tan² θ = 1. Wannan kuma bambancin sukwaya biyu ne, irin a² − b² = (a − b)(a + b) da kuka yi tun ƙaramar sakandare. Saboda haka:

```
1 = sec² θ − tan² θ = (sec θ − tan θ)(sec θ + tan θ)
```

Ga sec θ + tan θ ya sake fitowa, a cikin 1 ɗin da kansa. Sai mu cire 1 na sama mu sa wannan a madadinsa. Na ƙasa kuwa mu bar shi yadda yake. Ɗalibai da yawa sukan canza duka biyun saboda suna ganin adalci ke nan, sai aikin ya kumbura ba tare da ya je ko'ina ba. Ƙasan shi ne abin da muke so ya bayyana a sama don mu soke shi, in ka canza masa kama ka ɓatar da abin da kake nema.

Saman kaɗai, mataki mataki:

```
tan θ + sec θ − 1
= (sec θ + tan θ) − (sec θ − tan θ)(sec θ + tan θ)
= (sec θ + tan θ)[1 − (sec θ − tan θ)]
= (sec θ + tan θ)(1 − sec θ + tan θ)
```

Tsaya a layi na uku, domin nan ne aka fi faɗuwa. An fitar da sec θ + tan θ daga yankuna biyu. Yankin farko shi ne shi kansa, saboda haka abin da ya bari a baya 1 ne. Wasu sukan bar wurin wayam kamar sifili ya rage, sai 1 ya ɓace, ƙarshen kuma ya ƙi haɗuwa. Yanki na biyu ya bar sec θ − tan θ, da alamar debewa a gabansa. Wannan debewar ta hau kan duk abin da ke cikin bakan, shi ya sa a layi na huɗu sec θ ya zama mai debewa, tan θ kuma ya koma mai tarawa. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake bakan zai rubuta 1 − sec θ − tan θ, ya duba ƙasa ya ga ba su yi kama ba, ya ɗauka dabarar ce ba ta yi ba. Rubuta layin mai baka biyu ɗin nan ko da kana ganin ka iya yi da ka.

Yanzu kwatanta 1 − sec θ + tan θ da ƙasan tambayar, tan θ − sec θ + 1. Abu ɗaya ne, jerin ne kawai ya bambanta. Ga hujjar a dunƙule, yadda za ka rubuta ta a takardar amsa:

```
Hagu = (tan θ + sec θ − 1)/(tan θ − sec θ + 1)
= [(sec θ + tan θ) − (sec² θ − tan² θ)]/(tan θ − sec θ + 1)
= (sec θ + tan θ)(1 − sec θ + tan θ)/(tan θ − sec θ + 1)
= sec θ + tan θ
= 1/cos θ + sin θ/cos θ
= (1 + sin θ)/cos θ = Dama
```

A gefen layi na biyu ka rubuta dalili, cewa sec² θ − tan² θ = 1. Ka lura kalmar Dama ba ta fito ba sai a ƙarshen layin ƙarshe. In a ajinku LHS da RHS ake rubutawa, haka za ka sa.

Idan ka ɓace a tsakiyar irin wannan aiki, alwatikar 3, 4, 5 tana nan. Tunda kowane layi daidai yake da na samansa, kowane layi dole ya ba da 2. Layin da ya fara ba da wata lamba daban, a nan kuskuren yake. Gwada da wanda ya manta juya alama: sec θ + tan θ ya ba da 2, sannan 1 − 5/4 − 3/4 ya ba da −1, a raba da rabi, amsa −4. Nan take ka san inda za ka gyara. Wannan wata fa'ida ce ta aiki daga ɓangare ɗaya da ba a cika faɗa ba. Mai ninkawa a gicciye ba shi da lamba guda da zai riƙa aunawa da ita, domin kowane mataki yana canza darajar ɓangarorin.

Akwai wata sokewa da nake yawan gani a wannan tambayar musamman, kuma tana ba ni takaici saboda tana cinye makin yaran da suka san darasin. Mutum ya ga tan θ a sama, ya ga tan θ a ƙasa, ya ja musu layi tun a matakin farko. Ba a soke abin da aka tara ko aka debe. Abin da ya ninka dukan sama kuma ya ninka dukan ƙasa, shi ake sokewa. Gwada da lambobi ka gani: (2 + 6)/(2 + 2) ya ba da 2, amma in ka soke 2 na farko a sama da ƙasa za ka samu 6/2, wato 3. Duk wahalar da muka sha ta musanya 1 don mu mayar da saman ya zama ninki ne, saboda sokewar ta halatta.

Sokewar kuma tana da sharaɗi, kuma a nan tambayarka ta fi yadda take a ido daɗi. Ba a raba abu da sifili, saboda haka sai mu tambaya: yaushe tan θ − sec θ + 1 ke zama sifili? In ka ninka shi da cos θ zai koma sin θ + cos θ − 1, wanda ke zama sifili a digiri 0 da digiri 90, da duk abin da ya ƙaru a kansu da cikakken zagaye na 360. Digiri 90 dama a waje yake, shi da 270, tunda cos θ sifili ne a wurin, babu tan babu sec. Amma dubi digiri 0. Dama ya ba da (1 + 0)/1, wato 1, lafiyarsa ƙalau. Hagu kuwa samansa 0 + 1 − 1 ne, ƙasansa 0 − 1 + 1, sifili a kan sifili, wanda ba lamba ba ne. A digiri 0 ke nan ɓangare ɗaya yana da daraja, ɗayan ba shi da ita, kuma ba za a ce daidai suke ba. Yanzu koma ga aikinka. Bayan ka ninka a gicciye, layin raba ya tafi, kuma in ka sa θ = 0 a abin da ya rage za ka samu 0 = 0, kamar babu wata matsala. Ninkawar ta binne ramin. Wannan a cikin tambayarka ne, ba a misalin da na ƙirƙiro ba: layin da ka samu bayan gicciye da layin da aka ba ka ba magana ɗaya suke yi ba, sun saɓa a digiri 0, 360 da makamantansu. A jarrabawar sakandare ba kasafai ake matsa wa ɗalibi a kan wannan ba, ana ɗauka cewa ana maganar inda ɓangarorin biyu ke da ma'ana ne. Duk da haka layi ɗaya ne, ka rubuta shi a ƙarshe: matuƙar cos θ ≠ 0 kuma tan θ − sec θ + 1 ≠ 0.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin shi ɗalibaina suke faɗa duk lokacin da na yi wannan a allo: Malam, ni ba zan taɓa tunanin in canza 1 ba. Gaskiya ne, karon farko kusan babu mai tunaninsa. Abin farin ciki shi ne ba dole sai da shi ba, kuma a nan ne aikin da aka ja maka layi a kai zai yi amfani.

Ka ce ka mayar da komai sin da cos. Wannan mataki ne mai kyau, kuma halal ne a ɓangare ɗaya: ninka sama da ƙasa na hagu da cos θ, ka samu (sin θ + 1 − cos θ)/(sin θ − 1 + cos θ). Daga nan ne ka yi gicciye, ka ninka saman hagu da cos θ, ka ninka ƙasan hagu da 1 + sin θ, ka buɗe su ka ga sun zo ɗaya. To abin da ka gano a lokacin, ba tare da ka lura ba, gaskiya ce mai zaman kanta: cos θ sau saman hagu daidai yake da 1 + sin θ sau ƙasan hagu. Wannan ba ya buƙatar zaton komai. Abin da ya rage shi ne ka shigar da shi ta ƙofar da ta dace. Dama yana da cos θ a ƙasa, hagu ba shi da shi, to ba shi: sake ninka sama da ƙasa da cos θ. Ƙasan ka bar shi a ninke, kada ka buɗe. Saman kaɗai za ka yi wa aiki:

```
cos θ (sin θ + 1 − cos θ)
= cos θ (1 + sin θ) − cos² θ
= cos θ (1 + sin θ) − (1 − sin θ)(1 + sin θ)
= (1 + sin θ)(cos θ − 1 + sin θ)
```

A layi na uku cos² θ ya koma 1 − sin² θ, shi kuma ya rabu gida biyu. Yanzu hagu ya zama (1 + sin θ)(sin θ + cos θ − 1) a kan cos θ (sin θ + cos θ − 1). Soke bakan da suka yi tarayya a kai, abin da ya rage (1 + sin θ)/cos θ. Ka iso dama, kuma ba ka taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Wannan dabarar ta wuce tambayar yau. Duk lokacin da aka ce ka nuna A/B = C/D kuma hannunka yana ƙaiƙayin gicciye, ninka sama da ƙasa na A/B da D. Za ka samu AD/BD. Aikin da za ka yi a gicciye, wato nuna cewa AD daidai yake da BC, shi za ka yi a saman kaɗai. Da zarar saman ya koma BC, sai B ya tafi, C/D ya rage. Lissafi ɗaya ne, wahala ɗaya ce, amma wannan karon kowane layi yana tsaye da ƙafarsa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su yi gicciyensu a takardar gwaji in suna so, babu laifi, hanya ce mai kyau ta leƙo inda mabuɗin yake. Abin da ba a yi shi ne a miƙa takardar gwajin a matsayin hujja.

Don kada in bar ka da rabin gaskiya: a wajen masana lissafi, yi wa ɓangarori biyu aiki ba haramun ba ne a kan kansa. Hujja ce karɓaɓɓiya idan kowane mataki yana komawa baya, kuma marubucin ya faɗi haka a fili, ya nuna cewa abin da ya ninka da shi ba sifili ba ne, ya sa alamar ⇔ tsakanin layukan. Sai dai wannan yana neman kulawa fiye da hanyar ɓangare ɗaya, kuma ka ga yadda digiri 0 ya sulale maka ba ka sani ba. Idan kuma tambaya ko malami ya ce daga ɓangare ɗaya, to umarnin yana cikin tambayar, barin sa barin amsa ne. Ra'ayina shi ne ɗalibi ya zauna a kan ɓangare ɗaya har sai ya iya faɗin, a kowane mataki, ko yana komawa baya ko ba ya komawa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya wadda mutane ke rikita ta da gicciye alhali ba ɗaya suke ba. Ka ɗauki hagu shi kaɗai ka sauƙaƙa shi har ya kai wani wuri, a nan sec θ + tan θ. Ka ja layi. Ka ɗauki dama shi kaɗai ka kai shi wuri ɗaya. Sannan ka ce tunda duka biyun daidai suke da abu guda, daidai suke da juna. Wannan hujja ce cikakkiya, domin babu inda aka haɗa su da alamar daidai kafin ƙarshe, babu kuma abin da ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan. In malaminku ya nace sai sarƙa ɗaya, juya rabin na biyu ka rubuta shi daga ƙasa zuwa sama, ka liƙa a ƙarshen na farko. Layuka biyun ƙarshe na hujjarmu ta farko haka aka same su.

Daga dama ma ana iya tasowa, in kana son ka gwada hannunka a daren nan. Rubuta (1 + sin θ)/cos θ a matsayin sec θ + tan θ, ka ninka sama da ƙasa da tan θ − sec θ + 1, ka bar ƙasan yadda yake. A sama ka rubuta bakan na biyu a matsayin 1 − (sec θ − tan θ) kafin ka buɗe. Za ka ga sec² θ − tan² θ ya fito da kansa ya koma 1, saman ya zama tan θ + sec θ − 1. Layi huɗu ne, kuma kowannensu ya ba ka 2 idan ka auna shi da 3/4 da 5/4.